Awa ɗaya da sabbin 'yan dako kafin kwantena ta iso: me za a nuna musu?

Awudu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin sito. Akwai wani babban sito na shinkafa, sukari da man girki a wajen Kaase, a Kumasi. Ran Litinin sabbin yara takwas za su fara aiki, kuma da hantsi kwantena za ta iso da buhu 500 na shinkafa mai kilo 50. Manaja ya ba da awa ɗaya tak a yi musu bayanin kiyaye haɗari. Ƙofa biyu ce: babbar gaba da ake naɗe ta sama, da ƙaramar baya wadda kullum kwaɗo ke rataye a jikinta. Akwai takarda mai shafi shida da Turanci da aka ce a karanta musu su sa hannu. Me zan ɗauka, me zan bari?

Malam Issaka: Wa alaikumus salam. Takardar nan ka ajiye ta sai minti biyar na ƙarshe. Awar a tsaye za ku ci ta, cikin siton. Kusan rabinta a kan buhu, minti 20 a kan ƙofofi da wuta, sauran a gaban littafin rahoto. Kuma kafin komai ka tambayi wane yare kowa ke ji. Cikin takwas ɗin nan da wuya ka rasa wanda Dagombanci ko Farafara ya fi zama masa a kunne, wani kuma sai Tonanci. In ka yi magana suka gyaɗa kai, ba ka san komai ba tukuna. Sai kowa ya yi abin da hannunsa kana kallo.

Fuseini: Maganar ɗaukar kaya ai ba ta da tsawo. Durƙusa, miƙe baya, ɗaga da ƙafa. A saya musu bel ɗin ɗaure ƙugu, shi ke nan. Doka ma ta ce kada mutum ya wuce kilo 25.

Hajiya Memuna: Fuseini, ka kama rabi ka saki rabi. Kilo 25 ɗin nan ba dokar Gana ba ce. Ya fito ne daga jagorar hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, kuma da sharaɗinsa: namiji, kaya manne da jiki, daidai tsayin ƙugu. Mace 16. Da zarar kayan na ƙasa kusa da dandamali, ko sama da kafaɗa, lissafin namiji ya sauko 10. In kuma sai ka miƙa hannu nesa da jiki a waɗannan wurare, 5 ne. Abin da ya kamata yaro ya fahimta shi ne nauyi ɗaya ba ɗaya ba ne. Jarkar mai ta lita 25, wadda muke kira galan ɗin Kufo, ta haura kilo 23 in ka haɗa da jarkar kanta. A kan benci daidai ƙugu babu laifi. Ita ɗin dai a ƙasa, bayan wasu jarkoki biyu, sai ka sunkuya ka miƙa hannu ka fizgo ta, ita ce ke kwantar da mutum sati guda.

Bel kuwa, binciken da aka yi bai tabbatar yana hana ciwon baya ba. Abin da na fi ƙi da shi, yana sa yaro ya ji ya zama ƙarfe, ya ƙara kaya.

Fuseini: To Hajiya, in 25 ne, ya za a yi da buhu mai 50? Siminti 50, sukari 50, buhun koko ma ya haura 60. A rufe kasuwa ke nan?

Malam Issaka: Tambayar tana kan hanya, kuma nan ne takardun ofis ke yin shiru. Bari mu yi lissafin kwantenar Awudu. Buhu 500 sau 50, tan 25. In mutum takwas kowa ya ɗauki nasa shi kaɗai, kowa zai ci buhu 62 ko 63, wato fiye da tan uku ya bi ta gadon bayan mutum ɗaya kafin azahar. In aka yi bibbiyu, ba a cewa 25 da 25 sun zama 50. Ƙa'idar ita ce mutum biyu su ɗauki kashi biyu cikin uku na jimlar ƙarfinsu, saboda ba sa ɗagawa daidai lokaci guda, ɗaya ya fi tsawo, ɗaya yana tafiya da baya. Ka ga ya kama kilo 33. Ashe ko bibbiyun ma buhun ya fi awo. Tunda ba za ka iya rage buhu ba, sai ka rage abu uku: nisan tafiya da shi, sunkuyawa, da murɗa ƙugu.

Ga yadda ake tsara shi. A matso da mota har bakin ƙofa, a kashe inji, a sa waigi a taya. Mutum biyu a cikin kwantena suna jawo buhu zuwa baki, ba ɗagawa ba, jawowa. Mutum biyu a ƙasa suna karɓa, kowa ya kama kunne biyu, su sauke a kan falet, wato katakon jera kaya, da ke nan taku ɗaya daga motar. Buhu biyar a kowane layi, uku a tsaye biyu a gicciye, layi na gaba a juya su don su ɗaure juna kamar ginin bulo. Layi huɗu buhu 20, tan ɗaya cif. Daga nan keken jan falet ya ɗauka. Falet 25 sun gama kwantenar, babu wanda ya yi tafiyar mita 30 da buhu a ka. Duk rabin awa a sauya, na cikin kwantena su fito. Cikin ƙarfen nan da rana tanderu ne, kuma gajiya ce ke ɓata ɗauka, ba rashin sani ba.

Awudu: Falet akwai, amma keken ja ɗaya ne, kuma yaran da buhu ake biyansu. Bibbiyu a ganinsu asara ce.

Salifu Direba: Gaskiya ka faɗa. Mai karɓar kuɗi kan kowane buhu ba zai tsaya jiran wani ya kama masa kunne ba. Yaran da suka taso a dako a Aboabo ko Alabar, a ka suke ɗauka a guje. Ka ce musu bibbiyu, za su ce to Masta, kana juya baya an koma gidan jiya.

Malam Issaka: Shi ya sa wannan ba maganar yara ba ce, ta manaja ce. A yi jinga da ƙungiya kan kwantena gaba ɗaya, a raba daidai. Kuɗin bai canza ba, tseren ne ya mutu. In manaja ya ƙi, to aƙalla abu biyu kada a sassauta: babu wanda zai cicciɓi buhu daga ƙasa shi kaɗai ya kai ka, sai mutum biyu sun aza masa, kuma a wurin saukewa akwai mai tarba. Ɗagawa daga ƙasa da jefarwa tare da murɗa jiki, nan baya ke tafiya.

Salifu Direba: Ni dai ban ga manajan da zai yarda ba, amma Allah ya sa.

Hajiya Memuna: Awudu, a wurin gwajin ga abin da za ka kalla. Ka ajiye katan mai nauyi daidai misali a ƙasa, ka ce kowa ya ɗauka ya aza a falet ɗin da ke gefensa na dama. Kada ka kalli bayansa, kalli ƙafafunsa. Mafi yawansu za su kafe ƙafa wuri guda, su juya da ƙugu. Wannan ne kuskuren. Ƙafa ce za ta taka ta juya, hanci da cibiya da yatsun ƙafa su fuskanci wuri ɗaya. Ƙafa ɗaya ta ɗan shiga gaba a gefen kayan, a fara girgiza katan ɗin a ji nauyinsa da ɓangaren da ya rinjaya, a rungumo shi jiki kafin a miƙe, kuma kada gwiwa ta riga baya miƙewa. Wanda ya miƙe ƙafa tukuna, ɗuwawu a sama, sannan ya ɗago, bayansa ne ya yi aikin duka ko da ya fara da durƙuso.

Sai silifas. Wanda ya zo da silifas ba zai shiga ba, takalmi mai ƙarfe a baki. Tan ɗaya a kan keken ja ba ya tsayawa don ya ga yatsa.

Ayishetu: Bari in ƙara ɓangaren jiki, don su san wane ciwo ake hutawa da shi, wane ake gudu asibiti. Ciwon da ya tsaya a ƙugu, tsoka ta ɗaure, yawanci yakan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni, kuma motsi kaɗan-kaɗan ya fi kwanciya. Amma ciwon da ke sauka ta ɗuwawu ya bi ƙafa har ƙasan gwiwa, da mutuwar yatsu ko ƙafa na ja, alama ce an danne jijiya, likita zai gani. In kuma tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, a ranar za a tafi asibitin Komfo Anokye, ba gobe ba. Haka ƙullutun ƙaba a matsematsi: in ya fito ya ƙi komawa, ga zafi ga amai, gaggawa ce. Kuma don Allah a faɗa musu ƙarara, tiramol ba ya gyara baya. Ƙararrawar kawai yake kashewa, mutum ya ci gaba da ɗauka a kan rauni.

Awudu: Na gode Yaya Ayishetu. To ƙofar bayan nan fa? Manaja ya ce da aka bar ta a buɗe ana zurara jarkokin mai ta nan.

Baba Alhassan: Ƙofar da ke da kwaɗo ba ƙofa ba ce, bango ne mai fenti. Siton nan ƙofa ɗaya gare shi. Kuma duba wace ce ɗayar: ta gaba, inda mota ke toshe baki lokacin sauke kaya, inda galibi allon wutar lantarki da soket ɗin cajin waya suke. Wato inda wuta ta fi yiwuwar tashi nan ne mafitarku. In ƙofar naɗin da lantarki take aiki, ranar da wuta ta kama waya ko aka yi dumso, sai sarƙar hannu. Ka tambayi yaranka na yanzu wa ya taɓa jan sarƙar nan, za ka sha mamaki.

Gyaran da ya dace: a cire kwaɗo a sa sandar turawa, irin wadda daga ciki ka jingina jiki ta buɗe waje, daga waje kuma ba ta buɗuwa. A haɗa mata ƙararrawa mai batir, duk wanda ya buɗe kowa ya ji. Ɓarawo ya rasa sirri, mai gudu ya samu hanya.

Fuseini: Ko a bar kwaɗon, a rataye makulli a akwatin gilas kusa da ƙofar. Wurare da yawa haka suke yi, ya fi araha.

Baba Alhassan: Ɗana, ka rufe ido ka gwada saka makulli a kwaɗo, mutum biyar na turo ka ta baya. Hayaƙin robar jarka da buhunan leda baƙi ne wuluk, kana tari, hawaye na zuba. In makullin ya faɗi ƙasa an gama. Ban yarda da shi ba.

Malam Issaka: Baba, ina tare da kai kan sandar turawa, amma ba za a sa ta kafin Litinin ba. Na wucin gadi: da safe mai sito ya cire kwaɗon gaba ɗaya, ya kai shi ofis ya rataye a ƙusa inda kowa zai gani, a bar sakatar ciki kawai. Da yamma bayan an ƙirga kowa ya fita a mayar. Kwaɗo a ƙusa, ƙofa a buɗe, ko daga nesa ka sani.

Baba Alhassan: Na karɓa, da sharaɗin wucin gadin kada ya shekara. Wuraren aiki irin wannan suna buƙatar takardar shaidar kariyar gobara daga hukumar kwana-kwana, bisa ƙa'idar 2003 mai lamba 1724, kuma duk shekara ake sabunta ta. Awudu, ka nemi ganin ta sitonku da kwanan watan da ke jiki. Ita ce sandar da za ka kora manaja da ita.

Ran Litinin ka kai su can ƙuryar sito, inda ya fi nisa, ka ce ƙofar gaba ta kama, ku fita. Kada ka nuna hanya. A nan za ka gano falet ɗin da aka jingina a lungu, da igiyar leda da ke harɗe ƙafa. Kowa ya buɗe ƙofar da hannunsa. Ku leƙa bayanta kuma, don sau da yawa ciki fes, waje an tara fasassun katako ko wani ya faka aboboya. Hanyar ta kai faɗin mita ɗaya, a ja mata layin fenti rawaya, abin da ya hau layi a ɗauke nan take, ba anjima ba. Sannan ku kashe fitilu ku ga ko fitilar gaggawa da koren allon mai hoton mutum a guje suna kamawa.

Zakari: Ni ina ganin a koya musu kashe wutar ya fi koya musu gudu. Kowa ya ga gobarar kasuwar Adum a watan Maris na 2025. Dukiya ce fa.

Baba Alhassan: Tukunyar kashe gobara ta hoda mai kilo 9, sakan 20 ne ko kusa da haka ta ƙare. Ta wutar da ba ta wuce kwandon shara ba ce. Sabon yaro aikinsa uku: ya yi ihu, ya fita, ya tsaya a wurin taro. Wanda aka horar shi zai ɗauki tukunya, bayan an riga an kira 192 ko 112, ƙofa na bayansa, ya zare fil, ya auna gindin wuta ba harshenta ba, ya matsa yana sharewa hagu da dama. Tukunya ɗaya ta ƙare wuta ba ta mutu ba, ya ajiye ya fita. Abin da za ka nuna wa sababbi shi ne kada su watsa ruwa a man girki ko allon lantarki. Ruwa a kan mai mai ci tashi yake yi ya fantsama. Tukunya mai shuɗin tambari hoda ce, mai baƙin tambari da ƙaho iska ce ta kayan lantarki, kuma ba a riƙe ƙahon da hannu don sanyinsa na ƙona fata. Mai hoda allurarta ta zauna a kore.

A manna adireshin GhanaPostGPS na siton a bango kusa da ƙofa, da alamar da direban kwana-kwana zai gane. Mai kira a ruɗe "Kaase" kawai zai ce.

Hajiya Memuna: Wurin taro ba shi da amfani in ba a san mutum nawa ke ciki ba. Nan ne 'yan aikin yini ke ɓacewa, sunansu ba ya rajistar ma'aikata. Allo a bakin ƙofa: wanda ya shiga a rubuta, wanda ya fita sallah ko cin wake da shinkafa a soke. Har direba da yaron mota. Yaron mota ya fi kowa son lungun buhuna don barcin rana.

Salifu Direba: Hajiya kin tona mana asiri.

Awudu: Saura rahoto.

Zakari: Wannan kam a bi a hankali. Kai rahoto wurin 'yan sanda kan ɗan targaɗe, ai sai a kori yaro.

Malam Issaka: Ba 'yan sanda ake nufi ba, Zakari. Hawa biyu ne. Na farko littafin cikin gida, wanda ake rubuta komai a ranar, har abin da saura ƙiris ya faru bai faru ba. Na biyu na mai sito ne zuwa hukuma. Dokar Ƙwadago ta 2003 mai lamba 651, sashe na 120, ta ce mai aiki ya sanar da hukumar da ta dace haɗarin wurin aiki ba tare da wuce kwana bakwai ba. Dokar masana'antu, ofisoshi da shaguna ta 1970 mai lamba 328 kuma ta ce a sanar da sufeto in an rasa rai, ko rauni ya hana mutum aikinsa fiye da kwana uku. Diyya tana ƙarƙashin dokar 1987 mai lamba 187, kuma neman ta na da wa'adin wata shida. Ka ga amfanin littafin ga yaro: wanda bayansa ya riƙe ran Talata ya yi shiru, ya dawo bayan wata biyu yana ɗingishi, za a ce a ƙwallo ya samo.

Tsoron kora kuwa gaskiya ne, ba zan ce babu ba. Amma sashe na 119 ya ba ma'aikaci damar sanar da shugabansa ya janye daga aikin da ya ga haɗari ne babba na nan take, kuma ba a yarda a kore shi ko a riƙe kuɗinsa a kan haka ba.

Hajiya Memuna: Yadda ake rubutawa ma a nuna. Galibi abin da za ka tarar shi ne: "Buhu ya faɗo, ba a ji ciwo ba, a riƙa kula." Wannan ba ya gyara komai. Ga wanda ke aiki: "Talata, 2:40 na rana, layi na uku kusa da ƙofar baya. Buhun sukari biyu sun zamo daga layi na tara na tari, sun faɗi taku ɗaya daga mai shara. Ba rauni. Katakon falet na hagu a karye, tarin ya karkata, layuka uku na sama ba a gicciya su ba. Shaidu biyu. An killace wurin, an ɗauki hoto kafin a taɓa." Daga wannan ka san abin yi: a fitar da falet ɗin a fasa shi don kada ya dawo, a duba sauran, a tambayi dalilin da na sama ba su gicciye ba. Sau da yawa amsar ita ce tarin ya wuce kai, ana jefa buhu ne ba a jera shi. To gyaran shi ne a rage tsayi, ba a yi wa yaro tsawa ba. In ka rubuta "sakaci" a gurbin dalili, ka rufe bincike tun ba a fara ba.

Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa da baki ko ya turo saƙon murya, a rubuta, a karanta masa, ya dangwala. Ya ɗauki hoton shafin a wayarsa.

Fuseini: Amma in aka rubuta kowane ƙaramin abu, littafin zai cika a wata ɗaya, manaja ya ce siton ya fi kowanne haɗari.

Malam Issaka: Littafin da ya wuni fari fat a siton da ake sauke tan 25 a yini, shi ya fi ba ni tsoro. Sai dai kana da gaskiya ta wani gefen: in an rubuta sau uku ba a gyara komai ba, ba mai sake rubutawa. A ƙara gurbi biyu a ƙarshen kowane shafi, wa zai gyara, da yaushe.

Ayishetu: Ka nuna musu akwatin taimakon farko a buɗe, ba a rufe ba, su ga abin da ke ciki da wanda ke riƙe da shi. Wanda ya faɗo daga kan tari ko kaya suka danne shi yana kukan wuya ko baya, kada a cicciɓe shi a jefa a aboboya. A bar shi yadda yake in ba wuta ko wani tarin ke shirin faɗo masa ba, a kira 193 ko 112.

Awudu: Allah ya saka da alheri. Na samu manaja yanzu. Ya yarda da cire kwaɗo da rana da allon ƙirga mutane. Sandar turawa ya ce a kawo masa farashi. Jingar ƙungiya kuwa ya ce shi ba ruwansa, tsakanin yaran ne da shugabansu.

Salifu Direba: Ban faɗa ba?

Malam Issaka: To shugaban nasu za ka nema kafin Litinin, ba manaja ba. Kuma ka ari keken ja na biyu ko na yini ɗaya ne. Da guda ɗaya falet zai riƙa jira a bakin mota, da sun ga layi ya tsaya za su koma ɗauka a ka.

Baba Alhassan: Ka duba mini wani abu in ka je gobe: ƙofar bayan nan ciki take buɗewa ko waje? In ciki ce, mai walda zai juya fatarta tukuna kafin a yi maganar sanda, a sa wannan ma cikin farashin.